Kiliya ya yi shiru wata biyar bayan na kai masa dabi

Tambaya: Yaya, ina sana'ar haɗa wutar sola nan Damagaram. Wani Alhaji mai kilinik ya kira ni da kansa, na je na auna komai na yi masa dabi, wato takardar lissafin kuɗin kaya da aiki, na kai masa hannu da hannu, ya ce zai duba. Yau wata biyar ke nan ba labari, na kira sau biyu bai ɗauka ba. Ina son in sake tuntuɓarsa amma ba na son ya ji kamar ina bin shi bashi ko ina masa gori. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanena, fara da cire wancan dabin daga ranka, ka ɗauka ya mutu. Ba wai cinikin ne ya mutu ba, takardar ce ta mutu, kuma muddin ka koma wajen Alhaji da maganar "wancan dabin da na kawo" to ka ɗora masa nauyin ya bayyana maka dalilin shirunsa, shi kuwa abin da yake gudu ke nan tun farko.

Ka lura da wani abu. A kasuwar Dole in mutum ya taya kaya ka ce albarka, ya wuce abinsa, gobe ku haɗu ku gaisa babu komai a ran kowa, saboda ciniki na baki yana da ƙofar fita da kowa ya sani. Amma dabi ba haka yake ba. Ka ɗauki moto ka je, ka hau rufi da rana ka auna, ka zauna ka yi lissafi, ka buga takarda ka kawo, mutumin ya ga wahalar da ka sha da idonsa, yanzu kuma kuɗin da ya gani a ƙasan takardar ya fi abin da ya zata, ko kuma wata hidima ta taso ta cinye abin da ya tanada. Babba ne, kai yaro ne a wajensa, ba zai iya buɗe baki ya ce maka ba ni da kuɗin nan yanzu ba. Sai ya ce zai duba. Sati ɗaya ya wuce bai kira ba, ya fara jin kunya, wata ɗaya ya wuce kunyar ta ƙaru, ranar da ya ga lambarka tana kira sai ya bar wayar ta yi ta ƙara don bai shirya abin da zai ce ba. Yawancin shirun da na gani cikin shekarun da na yi a wannan aiki irin wannan ne, kunya ce ta taru, ba raini ba. To kaga duk kalmar da za ta tuna masa cewa ya yi shiru ƙara masa kunyar take yi, kuma mutum ba ya sayen kayan miliyan a hannun wanda yake jin nauyin haɗa ido da shi.

Shi ya sa akwai maganganun da ban yarda su fito daga bakin yaran da ke aiki tare da ni ba. "Alhaji ka manta da mu." "Na kira ba ka ɗauka ba." "Mun ji shiru." "Na ga ka karanta saƙon." Wannan ta ƙarshe ma ita ta fi muni, don ka nuna masa kana gadin alamar shuɗi a WhatsApp. Har irin wasan nan namu na "ka ɓuya" ko "ka yada mu", tsakanin abokai ba komai ba ne, amma in akwai takarda a tsakaninku ba a matsayin wasa zai ji ta ba.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni, don ka ga yadda ake bi daki-daki.

Akwai wani mai shago wajen Sabon Gari, yana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi da lemu, firigo uku manya gare shi. Cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma ana yawan ɗauke wuta, ya neme ni. Na yi masa lissafi: panno 8 masu wat 550 kowane jika 70, ya kama jika 560, inbata mai kVA 5 jika 450, batirin litiyom 2 masu kWh 5 kowane jika 750, wato miliyan 1 da rabi, sai waya da ƙarafan ɗaurawa da kuɗin aiki jika 290. Duka miliyan 2 da jika 800 na sefa. Ya karɓa, ya ce madalla zai neme ni. Cikin Yuni na tura masa saƙo na ce Alhaji mun ji shiru, ko akwai matsala ne? Ya karanta bai amsa ba, kuma daga ranar ko gaisuwar Juma'a da yake amsa min ya daina amsawa. Ni na jawo wannan, na tambaye shi tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi.

Ban sake taɓa shi ba sai Janairu. Kafin in rubuta ko harafi ɗaya abu na farko da na yi shi ne na bi ta gaban shagon a kan moto na ɗaga kai na duba rufi. Babu panno. Wannan kaɗai ya gaya min bai ba wani aikin ba, don da na ga panno a sama da maganar ta canza gaba ɗaya. Na tsaya na sayi ruwa wajen yaron shagon muka gaisa, ban tambaye shi sirrin maigidansa ba kuma kai ma kada ka yi, amma a cikin hira na ga gurup ɗin yana nan a bakin ƙofa, yaron ya ce da zafi sai su ƙona isansi na kamar jika 3 a rana, kuma Alhaji ya yi hidimar aurar da ƴa bayan Sallah. Shi ke nan, na fahimci inda kuɗin ya tafi, kuma buƙatar tana nan ba ta je ko'ina ba.

Kai ma kana iya yin irin wannan a kilinik ɗin. Ka duba rufi, ka saurara ko gurup yana aiki da rana, ka ga ko wanda kuka yi magana da shi har yanzu yana wurin. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci musamman in da biro ko poroje kake hulɗa, don sau da yawa wanda ka ba takardar an yi masa canjin wurin aiki zuwa Maraɗi ko Yamai, wanda ya gaje shi bai taɓa ganin takardarka ba, kai kuma kana nan kana jin haushin mutumin da ba ya ma garin.

Abu na biyu, na sake lissafin daga farko. Wannan ba dabara ba ce, dole ce. Kayanmu daga Kano suke zuwa ko ta hanyar teku, canjin naira da sefa yana motsi, kuma tun bayan rufe iyakoki a 2023 kowa ya ga yadda hanyar kaya da kuɗin dakonsu suka sauya, babu wanda zai iya riƙe farashin wata tara. Shi ya sa yanzu kowane dabi nake rubuta a ƙasansa cewa farashin na kwana 30 ne, kuma ina ba ka shawara ka fara, don wannan layin shi ne yake ba ka dalili na gaskiya na komawa daga baya. A lokacin panno ya sauko, na same shi jika 60, takwas suka kama jika 480 maimakon 560. Sannan na zauna na tambayi kaina, shin dole ne batir biyu tun ranar farko? Firigo da rana yake yin babban aikinsa, lokacin da panno ke ba da wuta, in ƙanƙara ta kama sosai kuma ba a yawan buɗewa tana riƙe sanyi har safe. Batir ɗaya zai ɗauki firigo biyu cikin dare, na ukun a kashe shi bayan an rufe shago. Sai na raba aikin gida biyu: kashi na farko panno 8, inbata, batir 1, waya da aiki, miliyan 1 da jika 970, batir na biyu kuma a ƙara duk ranar da hali ya yi ba tare da an canza komai ba.

Ka lura ban rage ribata ba, abin da na rage shi ne kaya, kuma na faɗi abin da zai rasa saboda ragin. In ka koma wa mutum da kaya iri ɗaya amma ka zabge jika 300 haka kawai don ya yi shiru, abu biyu ka koya masa, na ɗaya farashinka na farko akwai cuta a ciki, na biyu shiru yana sa ka sauko, to sai ya ƙara yin shirun. Haka kuma kada ka yi ƙaryar cewa kaya za su tashi sati mai zuwa in ba ka da labarin haka. Damagaram ba ta da girman da ƙarya za ta ɓuya, yana da ɗan'uwa ko aboki mai zuwa Kano duk sati, waya ɗaya zai buga ya ji farashi.

Sannan na tura saƙon, kuma bokal na yi ba rubutu ba, don mutumin ya fi sauraro kan karatu, kuma murya tana ɗauke da ladabin da rubutu ba ya ɗauka. Bai kai minti ɗaya ba. Ga kusan abin da na ce:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da yamma, ya iyali ya kasuwa. Ni ne Wane mai sola. Na ga azumi ya matso kuma zafi na tafe, ga shi panno ya ɗan sauko, shi ne na sake lissafin shagonka ta yadda za a iya farawa da batir ɗaya, ya kama miliyan 1 da jika 970, a ƙara na biyun daga baya. In kana so in aiko yaro da takardar ka gani. In kuma ba yanzu ba ne ko ka riga ka yi wani tsari, wallahi ba komai, kalma ɗaya ta isa. Allah ya ba da kasuwa."

Duba abin da ke ciki da abin da babu. Babu maganar Afrilu, babu maganar saƙon Yuni, ban ce na daɗe ina jira ba. Na faɗi sunana da sana'ata don ban ɗauka lambata tana wayarsa har yanzu ba, mutane suna canza waya suna rasa lambobi. Dalilin kiran nasa ne ba nawa ba, azumi lokacin cinikin ƙanƙara ne, shi ya fi ni sanin haka. Na faɗi kuɗin a fili don kada ya ji tsoron buɗe wata takarda ya sake ganin abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da na roƙa ƙarami ne, a aiko takarda ko kar a aiko, ban ce mu zauna ba, ban ce ya ba da abansi ba. Sannan na buɗe masa ƙofar fita da hannuna, har na sa masa kalmomin da zai yi amfani da su, "ba yanzu ba". Wannan jumlar ita ce ta fi komai aiki a cikin saƙon. Wasu abokan sana'a suna ce min ai ka ba shi hanyar gudu, ni kuma ina ganin wanda ya yi wata tara yana shiru ya riga ya gudu, abin da na ba shi hanyar dawowa ce ba tare da ya nemi gafarar yaro ba.

Bai amsa ranar ba. Kwana uku bayan nan ya turo bokal, ya fara da cewa ka yi haƙuri hidima ce ta yi yawa. A nan ma akwai inda ake zamewa. Kada ka ce "ai na yi ta kira", kada ma ka ce "na zata ka fasa". Na ce haba Alhaji ba komai, Allah ya sanya alheri, na wuce kai tsaye zuwa maganar yaushe yaro zai kawo takarda. Ya tambayi garantin batir, ya tambayi ko zai iya biya kashi biyu, muka daidaita a kan ya ba da kuɗin kaya ni kuma kuɗin aiki sai an gama ya ga firigo na aiki. Muka haɗa kafin azumi. Batir na biyun har yau bai saya ba, kuma ban matsa masa ba, duk bayan ƴan watanni dai ina bi in duba masa haɗin in tuna wa yaron ya riƙa share ƙurar panno, musamman lokacin hunturu da buji ke rufe su har wuta ta ragu.

Yanzu naka. Kilinik ba shagon ƙanƙara ba ne, ba za ka ce a kashe firigon magani cikin dare ba, kada ma ka kawo wannan. Amma rabawar tana yiwuwa ta wata fuska: ka ware abin da ba ya jure ɗaukewar wuta, firigon allura da magani, fitilun ɗakin haihuwa ko ɗakin da ake kwantar da marasa lafiya, injin labo in akwai, ka yi musu layi nasu daban, ka bar kilim da sauran manyan kaya zuwa kashi na biyu. Ina kyautata zaton kilim ne ya kumbura maka dabin farko, kusan kullum shi ne. Kuma ka bincika a hankali ko Alhaji shi kaɗai ke yanke magana. Wurare irin wannan sau da yawa akwai abokin tarayya, ko babban likita, ko kontabul da ke riƙe da lissafi, mai yiwuwa takardarka tana kan teburin wani ne ba nasa ba. Kana iya sa wannan a saƙon cikin ladabi, ka ce in akwai wanda kake so in yi wa bayanin lissafin sai in same shi. Amma kada ka tsallake shi ka je wajen kontabul ɗin da kanka, zai ji ka zagaye shi.

Batun zuwa da ƙafa, ni ina son shi amma ba a matsayin matakin farko ba. In ka faɗo masa ba sanarwa yana tsakiyar mutane, ka tsare shi ne, zai karɓe ka da fara'a ya ce gobe in sha Allahu, kuma wannan goben ba za ta zo ba. Saƙo tukuna, don ya samu sararin tunani shi kaɗai. In kun haɗu a masallaci ko wajen suna ko jana'iza, gaisuwa kawai, kada kalmar sola ta fito daga bakinka sai in shi ya ɗauko ta. Haka nan sa baki na wani babba, in akwai wanda ya haɗa ku tun farko kana iya gaya masa ka sabunta lissafi, amma kada ka kai ƙara, ranar da Alhaji ya ji ana cewa yaron nan ya ce ka ƙi ɗaukar wayarsa to cinikin ya ƙare har da na ƴan'uwansa.

Lokacin turawa ma ka duba. Ni bayan la'asar nake turawa ko da hantsi, ba safiyar Juma'a ba, ba ana saura kwana kaɗan Sallah ba lokacin da kowane magidanci ke lissafin rago da ɗinki. Ga mai kilinik kuma ka guji tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, wajen Agusta da Satumba, lokacin da zazzaɓin sauro ke cika musu gadaje, ba shi da kan sauraron dabi a lokacin. Janairu da Fabrairu sun fi, zafi na gabansa yana ganin tahowarsa kuma akwai sauran lokacin yin aiki.

In ka tura bai amsa ba, ka bar kwana 10 zuwa sati biyu. Saƙo na biyu kada ya zama "ko ka ga saƙona", ya zo da wani abu sabo, misali hoton wani aiki makamancin nasa da ka gama, da izinin mai wurin, da layi ɗaya cewa in yana so ya aika wani ya je ya gani da ido. In wannan ma shiru, bayan kamar sati uku sai na ƙarshe, kuma shi ba tambaya ba ne, sallama ce: Alhaji zan ajiye maganar nan don kada in dame ka, lambata tana nan duk ranar da buƙata ta taso, Allah ya ƙara lafiya. Ka faɗe ta da zuciya ɗaya kuma ka cika, kada ka ce ka ajiye sannan bayan kwana huɗu ka sake kira. Na sha ganin wannan saƙon na uku shi ke fito da amsa, amma ko bai fito da ita ba ka rufe maganar ta yadda gobe za ku iya gaisawa.

Akwai alamun da ke nuna ka daina tun kafin na ukun. In ka ga panno a rufi, tura masa barka kawai ka ce in ana buƙatar gyara ko dubawa kana nan, don wanda ya haɗa masa ba lallai ya riƙa dawowa ba. In saƙonka ya kwana biyu da alama ɗaya tak, bai shiga wayar ba ke nan, wataƙila lambar ta daina aiki, sai ka nemi sabuwa a wajen masu karɓar baƙi na kilinik ɗin maimakon ka yi ta turawa. In kuma ya amsa da "sai na neme ka" karo biyu a jere ba tare da ya yi tambaya ko ɗaya kan kaya ko kuɗi ba, wannan a'a ce ta mutunci, ka karɓe ta haka. Mai niyya tambaya yake yi, ko da ta ƙorafi ce, wanda ya ce maka kuɗin ya yi yawa ya fi kusa da saye a kan wanda ya ce madalla.

Ni kaye gare ni da nake rubuta kowane dabi, ranar da na kai, abin da mutumin ya ce da bakinsa a ranar, da watan da ya kamata in koma. Kafin ka yi bokal ɗin nan ka zauna ka tuna abin da Alhaji ya fi damuwa da shi ranar da ka je aunawa, ko kuɗin gazuwal ne, ko firigon magani, ko ƙarar gurup da ke damun marasa lafiya cikin dare, da wannan za ka buɗe maganar bayan gaisuwa. Ka sake lissafin yau da farashin yau, ka ware kilim gefe, gobe bayan la'asar ka tura.